Ƙwaya Uku Ko Bakwai

Yayata mai haɗa magani ce a wani babban asibiti, kuma idan ka tambayi danginmu halinta, kafin ka rufe baki za a ce maka ita ce wadda ta hana Gwaggo magani. Ko ni da muke ciki ɗaya da ita ban isa in goge mata wannan tambarin ba. Na yi faɗa a kai har muryata ta dushe, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru, tunda ina wurin.

A asibiti Dakata suke kiranta, saboda yawan cewa a dakata da take yi. Ba a gabanta ba, amma ta sani. Sunan ya dace da ita tun kafin ta san hanyar asibitin. Muna yara, idan Baba ya aike ta sayo ƙusa, don shi kafinta ne, sai ta kai bakin ƙofa ta dawo ta ce, “Baba, mai inci nawa?” Ni kuwa da an miƙo mini saƙo na arce, in sayo abin da na ga dama, in sha faɗa, gobe in sake. Mama takan ce aiken Yaya sai mai haƙuri, amma ba a taɓa mayar da abin da ta sayo ba. Haka ta girma, ta yi karatunta, ta yi aure, ta haifi yara uku masu tambayar tsiya irin tata. Mijinta ya ce ko shayi ya roƙa sai an tambaye shi sukari cokali nawa, alhali shekara da shekaru cokalin bai canza ba.

Ɗakin maganin da take aiki yana ƙarshen wani dogon baranda. Taga biyu ce da shi, masu ƙarafa, da ɗan rami a ƙasa inda ake turo takarda. A waje benci ne jere, ga fanka ɗaya da ke juyawa kamar an roƙe ta. A ciki akwai kantoci har rufi, da firji mai gurnani, da farantin ƙirga ƙwaya, da wayar tebur da ake kiran sauran sassan asibitin da ita idan ta ga damar aiki. Yaya ta fi shekara goma sha biyar a bayan wannan taga. Mutanen da ke kan bencin sun riga sun sha layin kati, sun sha layin likita, sun sha na gwajin jini, saboda haka duk haushin da suka tara tun safe a kanta suke sauke shi. Likita dai ba a yi masa tsawa, ana tsoronsa. Mai ba da magani kuwa a ganinsu mai kanti ce, aikinta ta miƙo abin da aka rubuta ta yi shiru.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Amosanin gaɓoɓi take fama da shi, irin wanda ke kumbura yatsu ya tanƙware su, har maɓallin riga ya gagari mutum. Likitan gaɓoɓi ya ɗora ta a kan wani magani mai suna metotireksat, ƙananan ƙwayoyi, kowace miligiram biyu da rabi. Ba kullum ake sha ba, sau ɗaya ne a mako. Yaya ta sha gaya mana cewa magani ne mai amfani amma ba ya son wasa, idan ya yi yawa yana taɓa hanta, yana rage ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, shi ya sa ake yi wa masu shan sa gwajin jini a kai a kai. Gwaggo ta daɗe tana shan ƙwaya biyar duk mako.

Likitan nan rana ɗaya yake zama a mako, kuma garin su Gwaggo da nisa. A ranar da nake ba da labari, ɗanta ne ya kawo ta, wanda muke kira Injiniya saboda gyaran wutar lantarki yake yi. Ni na same su a asibitin da ɗan abinci a kula, don makarantar da nake koyarwa tana hutu. Injiniya mutum ne mai son uwarsa, wannan ba zan hana shi ba. Amma irin mutanen nan ne da ke ganin babu abin da ya gagare su sani, kuma idan yana wuri ba mai magana sai shi.

Muka isa taga da rana tsaka. Injiniya ya tura takardar yana murmushi, don a lissafinsa mai ’yar’uwa a ɗakin magani ba ya zaman benci. Yaya ta gaishe da Gwaggo, ta ɗauki takardar, ta duba. Ta matsar da ita kusa da haske. Ta ɗaga ta sama. Ni da na san fuskarta na ce a raina, shi ke nan, yau muna nan.

“Ku ɗan dakata,” in ji ta.

“Dakata kuma? Babu maganin ne?” in ji Injiniya.

“Akwai. Adadin ne ban gane ba.”

Ta juyo da takardar ta nuna mana ta cikin ƙarafan. Sunan maganin ya fito, sau ɗaya a mako ma ya fito sarai. Amma a gaban lambar bakwai da rabi akwai wani ɗan jan biro a tsaye, wanda zai iya zama lamba ɗaya, zai kuma iya zama jelar harafin ƙarshe na sunan maganin da ta zubo. Idan jela ce, miligiram bakwai da rabi ke nan, ƙwaya uku. Idan ɗaya ce, sha bakwai da rabi, ƙwaya bakwai. Gwaggo kuma biyar take sha, wato ko dai an rage mata biyu, ko an ƙara mata biyu.

“Ai wannan ba abin tambaya ba ne,” in ji Injiniya. “Na gaya masa ciwo ya ƙaru, ya ce zai canza. Wanda ciwonsa ya ƙaru rage masa magani ake yi? Bakwai ne.”

“Zai iya zama bakwai,” in ji Yaya. “Zai kuma iya zama ya ga wani abu a gwajin jininta ya rage. Duka biyun ana bayarwa. Da ɗaya a ciki ba ya yiwuwa, da na san wanda yake nufi.”

“To ki ba da biyar ɗin da ta saba, mu tafi.”

“Biyar ce kaɗai na tabbata bai rubuta ba.”

Ta ɗaga wayar tebur ta kira sashen likitan, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Masinjan ɗakin maganin an aike shi wani wuri, abokiyar aikinta kuma ta tafi sito karɓo kaya, ga layi har ya kai ƙofa. Sai ta jawo takarda ta yi rubutu, ta maƙala ta a jikin takardar maganin, ta miƙo mini. Ta sa sunan Gwaggo da lambar katinta a sama, sannan ta rubuta wa likitan cewa:

“Likita, barka da aiki. A takardar wannan mara lafiya, adadin metotireksat yana karantuwa iri biyu, miligiram 7.5 ko 17.5, sau ɗaya a mako. Kafin yau tana shan 12.5. Don Allah a rubuta adadin da ake nufi da lamba da kuma kalmomi, a sa hannu. Na riƙe wannan maganin har in ji daga gare ka.”

Ta sa sunanta da lambar wayar ɗakin a ƙasa. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta rubuta wa likitoci cewa rubutunsu kamar tafiyar kaza yake ba, tunda gaskiya ne. Ta ce ita amsa take nema, kuma wanda ka fara da zaginsa kare kansa zai tsaya yi.

Na ɗauki saƙon na haura bene. A ƙofar likitan akwai wata nas da ke kiran suna, ga mutane cunkus suna hararar duk wanda ya matso. Na yi mata bayani, ta karɓa ta leƙa ciki, ƙofar a buɗe rabi, ina kallo. Likitan yana sunkuye yana lanƙwasa gwiwar wani dattijo. Ta ce, “Likita, ɗakin magani suna tambaya a kan takardar wata.” Bai ɗago ba, ya ce, “A ba ta yadda na rubuta.” Ta fito ta danƙa mini takarduna yadda na kawo su, ko buɗe su ba a yi ba.

Na sauko na faɗa wa Yaya. Injiniya ya yi tafi ya ce, “To alhamdu lillahi, an ji daga bakin mai shi. A ba mu.”

“Me ya ce?” in ji Yaya.

“Ya ce yadda ya rubuta!”

“To yaya ya rubuta?”

Nan fa Injiniya ya yi tsalle ya dire. Ya ce wulaƙanci ne, ya ce don ta ga an zo wurinta ne, ya ce mota za ta tafi ta bar su. Ya juya ga mutanen benci yana ba su labari, su kuwa da ma a cike suke, suka kama. Wata mata ta ce haka take, kowa ya san ta. Wani mai hula ya ce yaran yanzu da sun sa farar riga sai su ɗauka sun fi likita. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk cikinsu babu wanda zai yarda a ba uwarsa magani da ka, amma ga su nan suna taya wani neman a yi wa tasa haka. Na buɗe baki zan ba mai hular amsa, Yaya ta harare ni, na haɗiye. Ita kuwa ta ci gaba da sallamar na bayanmu, tana ƙirga ƙwaya, tana rubutu a jikin leda, tana cewa wannan bayan an ci abinci, wannan kafin a kwanta.

Sai Injiniya ya ce a ba shi takardarsa, akwai kantin magani a bakin ƙofar asibiti, can ba sa dogon turanci. Na san kantin, kuma na san abin da Injiniya zai ce musu idan sun tambaya, in ma sun tambaya. Bakwai zai ce, da ƙarfin gwiwarsa, Gwaggo kuma ta koma gida ta haɗiye bakwai duk mako har wata ya zagayo.

Yaya ba ta hana shi ba. Ta ce, “Takardarku ce.” Amma kafin ta turo ta, ta rubuta a gefen layin maganin cewa adadin bai fito ba, ana jiran bayanin likita, ta sa hannu, ta buga hatimi.

“Kin ɓata mini takarda!”

“Na rubuta abin da na gani ne. Duk wanda zai ba da shi ya san da haka.”

Ya fizgi takardar ya ce, “Mama, tashi mu tafi.” Gwaggo ta yunƙura, gwiwa ta ƙi, ta koma ta zauna. Na ce ya bari ta ci wani abu tukuna, tun safe cikinta babu komai. Na buɗe kula na zuba mata. Ta kai loma ɗaya, ta yamutsa fuska, ta ajiye cokalin.

Yaya tana bayan taga, amma idonta na kanmu. Daidai lokacin abokiyar aikinta ta dawo, sai ta bar mata tagar ta zagayo, ta durƙusa a gaban Gwaggo.

“Gwaggo, abincin ne ba daɗi? Na san girkin ƙanwata, ba sai kin rufa mata asiri ba.”

Gwaggo ta yi ɗan murmushi. “A’a, ’yar nan. Bakin ne. Duk ya yi gyambo, ko ruwa na sha zafi.”

“Tun yaushe?”

“An kwana biyu.”

“Kin gaya wa likita?”

Gwaggo ta dubi ɗanta. “Ai shi ya yi bayani.”

“Zafin ciki ne kawai,” in ji Injiniya. “Mu don gaɓoɓi muka zo, ba don baki ba.”

Yaya ta sa Gwaggo ta buɗe baki, ta haska da fitilar wayarta. Ta miƙa wa Injiniya hannu, shi kuma, ban san me ya gani a fuskarta ba, ya ba ta takardar. Ta ƙara layi biyu a ƙasan saƙonta: “An dawo mini da amsa ta baki cewa a bayar yadda aka rubuta, amma rubutun ne bai fito ba. Kuma mara lafiyar tana da gyambo a baki na kwanaki, ta ce ba a ambata maka ba.” Ta ba ni ta ce, “Hannunsa za ki sa wa. Kada ki sauko sai da bironsa a kai.”

Wannan karon ban bi ta kan nas ba. Na tsaya a jikin ƙofa, da mara lafiya ya fito na kutsa, ana ta “Malama, layi!” a bayana. Na ajiye takardun a kan teburinsa, a kan abin da yake rubutawa. Ya ɗago a fusace, mutum ne da gajiya ta gama cinye wa fuska, ga kofin shayi a gefensa ya huce har ya yi fata. Ya karanta. Ya ɗauki takardar maganin ya duba rubutun kansa, ya ɗan yi tsaki. Ya sa nas ta nemo fayil ɗin Gwaggo a cikin tulin waɗanda aka gama da su.

“Bakwai da rabi ne,” in ji shi. “Gwajin hantarta ya ɗan hau, shi ya sa na rage.” Ya sake duba layin ƙarshe. “Gyambo a baki? Ina take? A kawo mini ita.”

Muka hau da Gwaggo a keken marasa lafiya. Ya duba bakin, ya yi mata tambayoyi, da Injiniya ya fara amsawa ya ɗaga masa hannu ya ce ita yake tambaya. Sannan ya soke layin maganin gaba ɗaya. Ya ce kada ta sha ko ƙwaya ɗaya, har da ragowar da ke gida, sai an sake gwajin jini a ranar an ga sakamako. Ya rubuta haka a ƙasan saƙon Yaya, ya sa hannu, ya ƙara da “na gode” guntu a gefe.

Yaya ta karanta amsar, ta maƙala ta a inda suke ajiye irinta, ta ba da sauran magungunan da ba su da matsala, ta yi wa Gwaggo bayani da bakinta har sau biyu. Motar garinsu ta tafi, suka kwana a gidana. Da sakamako ya fito, ƙwayoyin jinin da ke kare jiki sun yi ƙasa. Aka tsayar da maganin na wasu makonni, daga baya aka mayar da ita kan ƙwaya uku.

Mai hankali zai ɗauka daga nan sai godiya. Ina! A makonnin da ba ta shan maganin ciwo ya taso wa Gwaggo sosai, yatsun suka kumbura, ko kofi ba ta iya riƙewa. Duk wanda ya je dubiya ya tarar da ita tana nishi, ya tambayi dalili, sai a ce ai an je asibiti, ’yar ɗan’uwanta ta riƙe su wuni guda, ƙarshe ta sa likita ya soke maganin. Zancen uku da bakwai ba ya shiga labarin, ya yi tsawo, kuma ba shi da daɗin faɗa. Na bi su gida gida ina bayani, har da zana lambobin a tafin hannuna. Wata innarmu ta saurare ni tsaf, na gama, ta ce, “Duk da haka dai, ai da ta duba zumunci.” Na ɗauki jakata na fito.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da Yaya ta ba da bakwai ɗin, da an fito ana sa mata albarka, ana cewa mai ’yar’uwa a asibiti ya huta. Abin da zai biyo baya kuma ba wanda zai danganta shi da ita, sai a ce jiki ne na tsufa. Na faɗa mata haka wata rana a kicin ɗinta, ina huci. Ta ce in miƙo mata gishiri.

Kwanakin baya muka taru a gidan Baba, dangi cike da tsakar gida. Injiniya ya samu masu sauraro, ya miƙe yana kwaikwayon Yaya, ya ɗaga murfin kwano sama yana ƙanƙance ido, yana cewa, “Ku ɗan dakata, adadin naman ne ban gane ba.” Aka fashe da dariya, har da Gwaggo, wadda ke zaune a kan tabarma da faranti a gabanta. Na ajiye abin da ke hannuna na miƙe, na riga na shirya masa maganganun da sai an shekara ana sulhu.

Yaya ta kamo gefen zanena ta jawo ni ƙasa.

“Sake ni, Yaya. Yau sai na gaya masa.”

“Zauna,” in ji ta a hankali. “Dubi Gwaggo.”

Na duba. Gwaggo ta kama ƙashi da tanƙwararrun yatsunta tana gwaguya, miya har gefen baki, tana dariya tana nema a ƙaro mata yaji.

“Kin ga bakin ya warke,” in ji Yaya. Ta tashi ta ɗauko kwanon yajin ta kai mata.